PDF ko Word? Yadda za ka tambayi jami'in ɗaukar ma'aikata kafin ka tura si-binka

Yawancin masu neman aiki da suke tambayar jami'in ɗaukar ma'aikata a kan wannan batu ba sa samun amsa, kuma ba rowar jami'in ba ce. Tambayar ce ake yin ta da faɗi. Mutum zai rubuto cewa ya ji ana cewa na'ura ce ke watsar da takardun mutane, don Allah a duba masa si-binsa a gaya masa ko zai tsallake. Wanda ke da takardu ɗari uku a gabansa da wa'adin mako guda ba zai tsaya yi maka wannan aikin ba. Amma idan ka tambaye shi abin da zai iya amsawa da layi ɗaya, yana tsaye a bakin ofis da waya a hannu, sau da yawa zai amsa. Kafin ka iya yin irin wannan gajeriyar tambaya, sai ka san abin da ke faruwa da fayil ɗinka bayan ka danna Submit, kuma sai ka riga ka gwada fayil ɗin da kanka.

Abin da manhajar ke yi da takardarka

Manyan kamfanoni, bankuna da ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa suna karɓar takardun neman aiki ta wata manhaja da ake kira ATS. Akwai su da yawa: Workday, Oracle Taleo, SAP SuccessFactors, Greenhouse, Lever, iCIMS, SmartRecruiters. A Najeriya za ka haɗu da SeamlessHR ma. Kowace da halinta, shi ya sa babu amsa ɗaya da za ta yi wa kowane wurin aiki daidai, shi ya sa kuma tambayar take da amfani.

Da fayil ya shiga, manhajar tana ajiye shi yadda ka turo shi, sannan ta tsamo rubutun da ke cikinsa ta rarraba shi gida-gida: suna a gidan suna, lambar waya a nata gidan, wuraren da ka yi aiki da shekarunsu, makarantu, ƙwarewa. Tsarin takarda da nau'in fayil a wannan gaɓar suke tasiri. Idan manhajar ta kasa gane inda sunan kamfani ya ƙare da inda muƙami ya fara, sai ta cusa su a gidan da ba nasu ba, ko ta bar gidan fanko.

Bayan haka sai tacewa, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Tacewar da ke fitar da mutum kai tsaye, ba tare da ɗan Adam ya duba ba, galibi daga tambayoyin fom take zuwa: kana da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa? Shekara nawa ka yi a irin wannan aiki? Za ka iya zama a Maiduguri? Idan an saita cewa wanda bai kai shekara 3 ba ya fita, kai kuma ka zaɓi 2, to ka fita ko da si-binka ya fi na kowa kyau. Wannan ba ruwansa da PDF ko Word. Inda tsarin takarda ke cutar da kai shi ne lokacin da jami'in ya yi bincike cikin tarin masu nema, ya rubuta wani abu kamar haka:

```
QuickBooks AND (HND OR BSc) AND reconciliation
```

Idan kalmomin nan suna cikin takardarka amma manhajar ba ta iya tsamo su ba, sunanka ba zai fito ba. Ba a kore ka ba, ba a dai gan ka ba, kuma a wurinka duk ɗaya ne. Wasu manhajojin kuma suna jera masu nema bisa yadda takardarsu ta dace da tallar aikin, wannan jerin ma da rubutun da aka tsamo ake yin sa.

Za ka ga ana yawo da maganar cewa na'ura na watsar da kashi 75 cikin ɗari na takardu kafin mutum ya gan su. Masu sayar da hidimar gyaran si-bi ne suka fi yaɗa ta, don haka kada ka ɗauko ta ka sa a saƙonka. Jami'in da ya kwana yana buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya ba zai ji daɗin a ce masa na'ura ce ke yi masa aikin ba.

Mataki na farko: nemo amsar da aka riga aka ba ka

Kafin ka rubuta wa kowa, koma ka karanta tallar aikin har ƙasa. Sau da yawa a layin ƙarshe ake cewa a turo da PDF kaɗai, ko a haɗa wasiƙar neman aiki da si-bi a fayil ɗaya, ko a sa lambar gurbin a kan saƙon imel. Wanda ya tambayi abin da aka rubuta ƙarara ya nuna cewa ba ya karatu da kyau, kuma da wannan tabon zai shiga jerin.

Sannan ka buɗe shafin nema ka kai har wurin ɗora fayil ba tare da ka tura ba. A gefen maɓallin ana rubuta nau'in fayil da ake karɓa da iyakar girmansa. Greenhouse, alal misali, yana nuna pdf, doc, docx, txt da rtf. Sai dai ka lura, abin da shafi ya yarda a ɗora daban ne da abin da jami'in ya fi son buɗewa, kuma wannan giɓin shi ne hujjar tambayarka.

Dubi adireshin shafin ma. Idan ka ga myworkdayjobs.com, taleo.net, greenhouse.io, lever.co ko icims.com a cikinsa, ka riga ka san manhajar, ba sai ka ɓata tambaya a kanta ba. Idan kuwa tallar ta ce a tura zuwa adireshin imel, wataƙila mutum ne zai fara buɗewa, ko da yake akwai wuraren da suke haɗa akwatin imel ɗin da manhaja. Akwai kuma wuraren da tambayar ba ta ma taso ba: sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya tana amfani da Inspira, inda kai ne za ka cike tarihin karatunka da aikinka a cikin fom, kuma da abin da ka cike ake tantance ka. Yawancin shafukan ɗaukar ma'aikata na gwamnati a Najeriya ma ta fom suke tafiya.

Mataki na biyu: gwada fayil ɗin da hannunka

Wannan mataki ya fi tambayar kanta muhimmanci, kuma bai wuce minti biyar ba. Buɗe fayil ɗin a kwamfuta, danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ka buɗe Notepad ka danna Ctrl+V. Abin da ya fito a Notepad kusan shi ne abin da manhajar za ta samu. A waya kuma, ɗora yatsa a kan wata kalma ka riƙe. Idan kalmar ta haskaka, galibi rubutu ne na gaske.

Idan babu abin da ya fito, to PDF ɗinka hoto ne. Wannan matsala ce da ake yawan samu a wajenmu. Mutum ya je shagon kwamfuta an buga masa si-bi a takarda, fayil ɗin asali ya zauna a kwamfutar mai shago, shi kuma daga baya ya ɗauki hoton takardar da CamScanner ya mayar PDF. Ido yana ganin rubutu, manhaja tana ganin hoton takarda. Wasu manhajojin suna ƙoƙarin karanta hoto, amma da kurakurai, wasu kuma ba sa ko gwadawa. Duk tambayar da za ka yi wa jami'i ba za ta gyara wannan ba. Koma wurin mai shago ka karɓi fayil ɗin Word, ko ka sake bugawa. Kuma canza wa fayil suna daga .jpg zuwa .pdf, ko daga .pdf zuwa .docx, ba ya canza abin da ke cikinsa, sai ma ya ƙi buɗewa.

Idan rubutu ya fito amma a cakuɗe, yawanci shafin da aka raba gida biyu ne sanadi, irin samfuran manhajar zane ta Canva masu siririn gefe na hagu da aka jera ƙwarewa da lambar waya a ciki. Mai tsamo rubutu yana iya bin layi daga hagu zuwa dama ya ratsa gidajen biyu, sai sunan makarantarka ya manne da lambar wayarka. Jadawali da akwatunan rubutu ma suna jawo haka. Sandunan nan da ake cikawa don nuna cewa ka iya Excel kashi huɗu cikin biyar ba sa fitowa kwata-kwata, domin zane ne.

Akwai wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Idan ka rubuta sunanka ko na garinku da haruffa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ, duba yadda suka fito a Notepad. Tsofaffin nau'o'in rubutun Hausa da wasu shaguna ke amfani da su suna ɗora harafi mai lanƙwasa a kan wata alama ta daban, sai idonka ya ga ƙ, manhaja ta ga baƙar alama ko akwati. Ko da sun fito daidai, jami'in da ke neman sunanka da k na yau da kullum zai buga. Shawarata ita ce ka rubuta suna a si-bi daidai da yadda yake a takardun makaranta da katin NIN ɗinka.

Dubi wurin da ka sa lambar waya da imel. Idan suna cikin Header na Word, wato keɓaɓɓen filin da ke can saman shafi, wasu manhajojin suna tsallake wurin gaba ɗaya. Sauko da su cikin jikin takarda, ƙarƙashin suna.

Bayan ka gyara, shirya fayil biyu daga tushe ɗaya: DOCX, da PDF da ka fitar daga cikinsa ta File, Save As a Word, ko File, Download a Google Docs. Idan da Canva ka yi, kada ka zaɓi Flatten PDF, domin yana mayar da rubutun hoto. Sa wa fayilolin sunanka da muƙamin da kake nema, kada ka bar su da sunan Document1. Da haka duk amsar da aka ba ka, cikin minti ɗaya za ka tura.

Mataki na uku: wa za ka tambaya, kuma yaushe

Jami'an ɗaukar ma'aikata iri biyu ne, kuma amsarsu takan bambanta saboda dalilai na zahiri. Na cikin gida, wato ma'aikacin sashen kula da ma'aikata na kamfanin, shi ke zaune a gaban manhajar kullum. Ya san ko fayil na asali yake buɗewa ko bayanan da aka tsamo yake dubawa. Na biyu shi ne na kamfanin dillancin ma'aikata, wanda ke nemo mutane ya miƙa wa wani kamfani. Shi yakan ce a ba shi Word, kuma dalilinsa ba na na'ura ba ne: yana so ya cire lambarka da imel ɗinka, ya ɗora tambarin kamfaninsu, don kada mai aikin ya zagaye shi ya kira ka kai tsaye. Wannan al'ada ce sananniya a sana'ar, ba abin tsoro ba ce, amma tana buƙatar ƙarin tambaya da zan zo kanta.

Manajan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa ba shi ne na tambaya ba. Yawanci bayan an tace ake kai masa takardu, bai san abin da ya faru kafin nan ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne idan jami'in ne ya fara tuntuɓarka, a LinkedIn ko ta waya, ya ce ka turo si-bi. A nan tambayar ta zo a kan gaɓa, ba wanda zai ga baƙonta. Na biyu shi ne idan tallar ta ba da adireshin neman ƙarin bayani. Yi tambayar tun da sauran kwana huɗu ko biyar a rufe. Idan tallar ta ce kada a kira kada a rubuto, to ka bi, musamman a ƙungiyoyin agaji, inda tuntuɓar ma'aikaci ta bayan fage kan zama dalilin cire mutum. Kada kuma ka nemo lambar jami'i a wurin wani ka faɗa masa ta WhatsApp da dare. Ta hanyar da ya buɗe maka za ka bi.

Mataki na huɗu: rubuta tambayar

Tambayoyi biyu sun isa, uku ne iyaka. Ta farko a kan nau'in fayil, kuma ka ba shi zaɓi biyu don ya amsa da kalma ɗaya. Ta biyu a kan abin da ake dubawa: fayil na asali, ko bayanan da manhaja ta tsamo. Wannan ta biyun ita ce ainihin tambayar ko tsarin takarda yana tasiri, amma an yi ta ta fuskar da jami'in ya sani. Idan ka ce masa "shin manhajarku tana karanta jadawali?", ba lallai ya sani ba, domin ba shi ya ƙera ta ba. Amma ya san abin da yake gani a allonsa kowace safiya.

Ga yadda saƙon zai kasance. Da Turanci za ka rubuta shi a yawancin wurare a Najeriya, da Faransanci a Nijar, amma ƙashin bayansa ke nan:

"Barka da aiki, ranki ya daɗe. Ina shirin neman gurbin mataimakin jami'in kuɗi da kuka tallata, mai lamba kaza. Na ga shafinku yana karɓar PDF da Word duka. Wanne ya fi muku sauƙi? Sannan a zagayen farko, fayil ɗin da na ɗora ake buɗewa, ko bayanan da manhaja ta ciro daga cikinsa ake dubawa? Ina da duka biyun a shirye. Na gode."

Ka lura da abin da saƙon ya ƙunsa. Ya faɗi gurbin da lambarsa, domin jami'i ɗaya yakan riƙe gurabe da yawa a lokaci guda. Ya nuna ka riga ka duba shafin. Bai roƙi a duba maka takarda ba, bai kuma liƙa si-bin a jiki ba, don liƙawa tana mayar da tambaya ta zama neman alfarma. Kuma babu kalmar da ke nuna kana neman dabarar zagaye tacewa. Kada ka tambayi waɗanne kalmomi aka saita a manhajar; ba za a gaya maka ba, kuma suna nan cikin tallar aikin ga mai karatu.

Idan a waya ne, ka bari sai ƙarshen magana, lokacin da ya ce ka turo. Sai ka ce, "To Yallaɓai, in turo PDF ne ko Word? Kuma ta imel ɗinka ko ta shafin kamfani?" Wannan rabin na biyu yana da amfani, domin wasu jami'an da kansu suke ɗora abin da aka turo musu a manhaja, wasu kuma ba za su iya ci gaba da kai ba sai ka bi ta shafin.

Ga ɗan dillanci kuma sai ka ƙara: "Idan za a gyara wani abu a ciki kafin a miƙa, ina so in ga abin da aka tura, kuma a sanar da ni kamfanin da za a kai wa." Dalilin shi ne ranar ganawa takardar da ke gaban masu tambaya ita za a yi maka hisabi da ita. Idan an ƙara maka shekarar aiki ko ƙwarewar da ba ka da ita, kai za ka sha kunya.

Mataki na biyar: fahimtar amsar

Amsar da za ka fi samu ita ce "kowanne ya yi". Gaskiya ce a mafi yawan manhajojin zamani, amma da sharaɗin da jami'in bai faɗa ba: rubutun ya zama na gaske, tsarin ya zama mai sauƙi. A wannan hali ni PDF nake zaɓa, domin yadda ka tsara shi haka zai buɗe a kowace na'ura. Fayil ɗin Word yana iya zamewa idan an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da nau'in rubutun da ka yi amfani da shi, ko a WPS Office na waya, shafi biyu ya koma uku, kan sashe ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa.

Idan aka ce Word, ka tura DOCX, ba tsohon DOC na kafin Office 2007 ba, sai in an ambace shi. Kafin ka tura, duba Review ka tabbata babu Track Changes ko sharhin wanda ya taya ka gyara da ya rage a ciki. Ka yi amfani da nau'in rubutun da ke yawancin kwamfutoci, kamar Arial ko Calibri.

Idan aka ce "ni da kaina nake karanta kowace takarda", to nauyin ya koma kan ido: shafin farko ya nuna muƙaminka na ƙarshe da abin da ya dace da gurbin. Amma kada ka koma wa ado saboda wannan amsar. Takardar tana zama a rumbun manhajar, kuma bayan wata shida wani jami'in zai iya bincike a ciki don wani gurbin.

Idan aka ce "ka dai cike fom ɗin da kyau", an gaya maka abu mafi muhimmanci: da gidajen fom ake tacewa. Kada ka rubuta "duba si-bi" a gidan tarihin aiki.

Wani lokaci kuma jami'in zai ce bai san yadda manhajar ke karantawa ba. Ba ɓoye maka yake yi ba. Ka gode masa, ka koma ga gwajin da shafin kansa ke bayarwa, kamar yadda za ka gani a misalin nan.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce wata matashiya ce a Kano mai babbar difloma a fannin akanta, ta yi shekara 3 tana riƙe da littattafan kuɗi na wani kamfanin rarraba kaya, tana neman gurbin mataimakiyar jami'in kuɗi a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri. Saura kwana shida a rufe. Tallar ba ta ambaci nau'in fayil ba, amma ta ba da imel na tambaya, kuma adireshin shafin nema yana ɗauke da myworkdayjobs.com.

Si-binta na Canva ne, mai gida biyu, da hotonta a sama. Ta yi gwajin Notepad, ga irin abin da ya fito:

```
SKILLS Accounts Officer
QuickBooks 03/04/2021 - date
Excel Prepared monthly bank
```

Matsala biyu ta gani a nan. Jerin ƙwarewarta ya shige cikin tarihin aikinta. Sannan kwanan watan 03/04/2021 yana da fuska biyu: a wurinta 3 ga Afrilu ne, manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuma za ta iya karanta shi 4 ga Maris. Ta sake buga takardar a Google Docs, gida ɗaya daga sama har ƙasa, ta cire hoton da sandunan ƙwarewa, ta rubuta wata da shekara kawai, ta sa kawunan sassa na yau da kullum irin su Work Experience da Education. Ta fitar da DOCX da PDF.

A ranar ta tura tambayarta, ba ta kuma zauna jiran amsa ba. Workday yana da zaɓin Autofill with Resume, wanda ke cike fom daga fayil ɗin da aka ɗora, kuma wannan shi ne gwaji mafi kusa da gaskiya da mai nema zai samu, tun da manhajar wurin ce da kanta ke nuna abin da ta gane. Ta ɗora PDF: suna, waya da wurin aiki sun shiga daidai, amma sunan makarantarta ya faɗa gidan da ba nasa ba. Ta cire ta ɗora DOCX, sai ta ga kuskuren bai canza ba. Wannan ya gaya mata cewa ba nau'in fayil ne matsalar ba. Ta haɗa sunan difloma da na makaranta da shekara a layi ɗaya ne ba tare da rabewa ba. Ta raba su layi-layi, abin da ya rage ta gyara da hannu a cikin fom.

Bayan kwana biyu amsa ta zo, layi biyu: kowanne ya yi, amma a tabbata an amsa tambayoyin fom, domin da su ake fitar da jerin farko. Ta koma kan tambayar shekarun aiki. Shekara 3 aka nema, ta ƙirga daga watan da ta fara zuwa ranar rufe talla ta tabbatar sun cika, ta kuma duba cewa watannin da ke fom sun yi daidai da na takarda. Sannan ta tura PDF, ta amsa wa jami'in da godiya ta layi ɗaya.

Idan an yi shiru, da idan amsar ta zo da farashi

Shiru shi ne abin da ya fi faruwa, kuma ba ya nufin komai game da kai. Kada ka sake aika tambayar, kada kuma ka bar wa'adi ya matso saboda jira. Shafukan nema sukan yi nauyi a ranar ƙarshe, ga kuma halin netuwok ɗinmu. Idan kwana biyu na aiki sun wuce, yanke hukunci da kanka. Ta imel za ka tura, PDF. Ta shafi ne mai cike fom da kansa, gwada duka biyun ka ɗauki wanda ya fi shiga daidai. Ga ɗan dillanci, Word. Kada ka nemi gurbi ɗaya sau biyu da fayil daban-daban, domin manhajar tana gane imel ɗaya, kuma wasu ba sa barin a canza fayil bayan an tura.

Amsar da za ka guje wa ita ce wadda ta zo da kuɗi a wutsiyarta. Akwai masu buɗe shafin bogi a LinkedIn da sunan jami'in babban kamfani, su nemi si-binka, bayan ɗan lokaci su dawo su ce manhajarsu ta ba takardarka maki kaɗan, amma ga wani ƙwararre da zai gyara maka a kan kuɗi kaza kafin a rufe. Babu gurbin, gyaran ne kasuwar. Jami'in gaske albashinsa ko ladansa daga mai ɗaukar aiki yake zuwa. Idan ka ji irin wannan, buɗe shafin kamfanin da kanka ka nemi gurbin da lambarsa, ka kuma duba ko imel ɗin mutumin yana ƙarewa da sunan kamfanin ne ko da gmail.com. Idan gurbin ba ya shafin kamfanin, kada ka tura masa kuɗi, kada kuma ka ƙara masa da hoton katin NIN ko takardun makarantarka.